Ashiru Mai Awon Caja

Duk wanda ya taɓa jiran mota a bakin tashar Kankiya ya ga teburin Ashiru, ko da bai san sunan mai shi ba. Yana nan gindin bedi, ƙafarshi ɗaya an tokare ta da rabin bulo, an jera cajoji da igiyoyinsu da rigunan waya bisa wani tsohon zanen gado. Shi kuma mai teburin siriri ne dogo, wuyanshi kamar na zalɓe, in iska ta taso sai ka ji tsoron kada ta wuce da shi Katsina ba kuɗin mota. Yanzu ba ya son yawan magana. Da kuwa, in ya buɗe baki tun hantsi, sai kiran la'asar ke ceton mutane.

Ɗan Kafinsoli ne, gidan noma. Tun yana ƙarami aka gane shi da fartanya ba su haɗa jini ba. In an fita gona shi ke da ciwon kai, in an kawo fura shi ke da lafiya. Da mahaifinshi ya gaji da faɗa, sai ya kawo shi Kankiya ya danƙa ma Baba Sada, wani dattijo da ya yi zamanin gyaran rediyo, da rediyo ta ja baya ya koma sayar da kayan waya. Ashiru ya kama ɗaki a layin bayan tasha, inda maƙwabta suka san shi da abu biyu: aron guga da rashin maidowa.

Baba Sada mutum ne mai sanyin koyarwa. Abin da wani zai faɗa maka da safe ka wuce, shi sai ya ja shi har damina ta fita. Wata rana ya ɗauko caja biyu, girmansu ɗaya, rubutunsu ɗaya, ya aza ma Ashiru ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu.

"Rufe ido. Mi ka ji?"

"Baba, ta dama ta fi nauyi. Ta hagu kamar kwasfar gyaɗa."

"To ita ce jabu. Ta gaskiya cikinta cike yake. Akwai abin da ke rage ƙarfin wuta, akwai mai tace ta, akwai mai tsinkewa in wuta ta yi yawa don kada ta isa ga waya. Mai yin jabu duk sai ya zubar da waɗannan, ya bar ɗan abin da zai sa waya ta nuna tana caji. Shi ya sa ba ta da nauyi. Amma ka riƙa gwada ta da 'yar'uwarta mai girma ɗaya, kada ka haɗa akuya da raƙumi ka ce awo kake."

Wannan darasi ya shiga kan Ashiru kamar an buga ƙusa. Ya yini yana ɗaga cajoji ido rufe, bai kuskure ko ɗaya ba. Baba Sada ya ce saura ƙafafu, wato ƙarafunan nan uku da ke shiga soket, ya fara bayani a hankali yadda ya saba. Ashiru yana gyaɗa kai yana "ƙwarai, Baba", amma kunnenshi na wajen masu lodin mota. A ranshi ya gama karatu. Wanda hannunshi ya zama sikeli, me zai yi da leƙen ƙafar caja kamar mai sayen jaki?

Ba a daɗe ba ya ce zai tsaya da ƙafarshi. Baba Sada bai hana ba, ya sa mashi albarka, ya ba shi tsohon tebur. Nan fa gari ya shiga uku. In ka zo sayen caja sai Ashiru ya rufe ido, ya ɗaga ta sama, ya yi shiru kamar mai duba, sannan ya yanke hukunci. Direbobi suka laƙaba mashi Sikeli. Ya ji daɗin sunan har ya sa aka rubuta mashi jikin tebur da jan fenti, rubutun ma ya karkace.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiran shi Sikeli ba, shi ne Nasiruddeen, ɗan Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifin Ashiru da ke aure a Bauranya ta ƙasar Kusada. Taubasai ne ke nan, ɗan namiji da ɗan mace, kuma sun riƙi wasan taubasantaka kamar sana'a. Kowa na cewa ɗan'uwanshi bawanshi ne, ba a taɓa raba gardamar ba. Nasiru ya taɓa zuba ma Ashiru gishiri a koko ranar suna gaban 'yanmata. Ashiru ya rama, ya buga mashi waya ya ce ana rabon taki kyauta a Kankiya, Nasiru ya hawo mashin da buhuna ya iske babu ko takin akuya. Ba a fushi. Wanda ya yi fushi ya faɗi.

Nasiru na da rumfar cajin waya a Bauranya. Ɗan kes ne na katako da kwano, da ƙaramin janareta a bayanshi, da wani faffaɗan allo da aka kakkafa ma soket. Da safe manoma su kawo wayoyinsu su wuce gona, mata su aiko da nasu daga cikin gida, da yamma kowa ya karɓi abinshi. Ba ya rubuta sunan kowa, da ido ya san wayar kowane gida. Wannan rumfa ita ke ciyar da shi da matarshi Rauda da Gwaggo Kulu, tun da gonarsu 'yar ƙarama ce. Kuma abin da ya riƙe rumfar ba janareta ba ne, yarda ce. Mutum ba ya barin wayarshi yini guda sai hannun wanda ya amince ma.

A cikin bazara, lokacin da rana ke dafa ƙwai bisa kwano, wani baƙo ya sauka a tasha da babbar jaka. Ya sha shadda, bakinshi kamar an shafa zuma. Ya nufo gindin bedi kai tsaye.

"Kai ne Sikeli? Tun daga Kano nake jin labarinka. An ce ba a yi maka wayo."

Ashiru ya gyara wuyan riga. Baƙo ya buɗe kwali, ya miƙo caja fara sol mai ƙafa uku. Ashiru ya rufe ido ya ɗaga. Nauyi kamar dutsen guga. Ya ɗauko tashi ta asali ya gwada a ɗaya hannun, ta baƙo har ta ɗan ɗara. Ya ɗaga ta biyu, ta uku, duk haka. Farashi kuwa kamar kyauta. Baƙo ya ce ragowar kayan wani kamfani ne da ya tashi, sauri yake zai wuce. Ashiru bai ko juya cajar ya dubi ƙasanta ba, ya kwashe kwalin gaba ɗaya.

Ranar kasuwa Nasiru ya shigo Kankiya neman cajoji, don nashi sun tsufa, wasu sai an ɗaure da ƙyauro suke aiki. Nufinshi shagon Baba Sada, inda ya saba saye. Ashiru ya tare shi a hanya.

"Kai bawa, ina za ka ba ka gaida ubangidanka ba?"

"Ubangidan da wuyanshi ya fi jarinshi tsawo? Matsa mani, wajen manya za ni."

"Zo ka ga kaya, baƙauye. Ɗaga wannan ka ji."

Nasiru ya ɗaga, ya jinjina. "Kai, da nauyi kam. Amma Ashiru, ban da wasa hwa. Wayoyin mutane ne, ba nawa ba. In abu ya samu ko ɗaya, ni za a riƙe."

Ashiru ya bugi ƙirjin da babu komai cikinshi sai ƙashi. "Ni da kaina na auna su. In ɗaya ta ba ka kunya, ka zo ka aske mani kai da kwalba."

Nasiru ya yi dariya, ya kwashi fiye da rabin kwalin, ya ɗaure bayan mashin. Bai leƙa shagon Baba Sada ba ranar.

Bayan 'yan kwanaki ya bugo waya. "Kai mai wuyan zalɓe, cajojin nan naka masu iskoki ne? In waya na jone ka taɓa fuskarta sai ta riƙa danna kanta. Jiya ta Malam Dawuda ta kira surukarshi ba a aike ta ba. Kuma suna zafi, ga wasu na rawa cikin soket kamar haƙorin tsohuwa."

"Injinka ne ya tsufa kamar mai shi. Ka kai shi asibiti."

Suka yi dariya, aka kashe waya. Ashiru bai sake tunawa ba.

Washegari wajen hantsi Baba Sada ya biyo ta tasha zai karɓi saƙo. Ya tsaya gaishe da yaronshi, idonshi ya faɗa bisa sauran fararen cajojin. Ya ɗauki ɗaya. Bai auna ba. Ya juya ta ya dubi ƙafafun, ya daɗe yana dubawa, fuskarshi ta canja.

"Ina ka samo wannan?"

"Baba, ɗaga ka ji nauyi."

"Ban tambaye ka nauyi ba. Matso nan." Ya nuna da farce. "Waɗannan ƙafafun biyu na ƙasa su ke ɗauke da wuta. A ta gaskiya gindinsu na sanye da baƙar roba kamar safa, don in kana zarewa yatsanka ya goga kada wuta ta ja ka. Ina safar wannan? Tsirara suke. Dubi ƙyallinsu kamar cokalin amarya. Na gaskiya ba su ƙyalli haka, a dushe suke, gefensu a miƙe daidai. Waɗannan sirara ne, ɗaya ma ta fi ɗaya tsawo."

Ya kama ƙafa ɗaya ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya ce a kawo soket. Ya soka ta Ashiru ta asali, ta shiga ta kame kam. Ya soka fara, ta zauna sako-sako, da ya karkata soket ɗin sai da ta kusa faɗowa. Sannan ya laluba aljihu ya fiddo maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo da ke maƙale da makullanshi, ya kai kusa da ƙafar. Ta manne caf.

"Baƙin ƙarfe ne aka shafe. Ta kirki tagulla ce a ciki, maganaɗisu bai riƙe ta haka. Duk na faɗa maka wannan, Ashiru."

"Amma Baba, nauyin…"

Dattijon ya karɓi sukundireba wajen wani mai facin taya da ke gefen teburin, ya ɓanɓare cajar gida biyu bisa tebur. Cikinta fayau, sai wani ɗan allo kamar farcen babban yatsa, da siraran wayoyi kamar gashi. A gefe guda kuma, an manna wani guntun ƙarfe mai tsatsa da gam. Baba Sada ya ɓalle shi ya aza ma Ashiru a tafin hannu.

"Ga nauyinka nan. Su ma masu jabun sun ji labarin masu awo. Rashin nauyi na tona jabu, amma nauyi kaɗai bai wanke caja. Sai ka haɗa da ƙafafu. Ƙafa in ta yi sako-sako cikin soket, wuta ta riƙa tsalle tana tartsatsi, wurin ya yi ta zafi har roba ta narke. Wa ka saida mawa?"

Ashiru ya ce, "Nasiru."

"Mai rumfar caji? Bisa allon katako, cikin wannan zafin, da janareta?" Baba Sada ya dafa tebur. "Kira shi yanzu. Ya zare su duka."

Ashiru ya fiddo waya ya buga. Nasiru ya ɗauka, ana jin ƙarar inji bayanshi.

"Nasiru, kashe inji. Ka cire cajojin nan duka, jabu ne. Wuta za su kama."

Sai dariya. "Sannu mai rabon taki. Wato in kashe inji, mutane su dawo gona su iske waya ba caji, su cinye ni ɗanye, kai kuma kana Kankiya kana riƙe ciki."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Ranar taki ma ka ce in yarda da kai. Bawa, canja dabara, wannan ta tsufa."

"Ga Baba Sada ka ji daga bakinshi."

"Ka gaida mani shi, in ba mai facin taya ka ba waya ya shaƙe murya ba. Ina da mutane."

Ƙit, ya kashe. Ashiru ya sake kira, aka katse. Baba Sada ya kira da tashi wayar, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, don Nasiru ya riga ya jefa wayar aljihu yana ba masu shan rake labarin yadda ya kama taubashinshi. Gwaggo Kulu ba ta da waya. Ta Rauda kuwa tana bisa allon, tana caji.

Ashiru ya bar tebur a buɗe, ya ari mashin ɗin mai facin taya, wani tsohon abu da ba ya tashi sai an tura. Ya kama hanyar Kusada. Rana ta take, kwalta na tururi. Yana tafe yana lissafin abin da zai iske, yana roƙon Allah ya sa ya iske Nasiru zaune yana yi mashi dariya. Da ya samu haka, da ya yarda a aske shi da kwalbar a tsakiyar kasuwa. Kafin ya shiga Kusada sarƙar mashin ta zame. Ya durƙusa bakin hanya ya maida ta, hannu duk baƙin mai. Yana cikin garin Kusada ya ji ana kiran azahar, ya ƙara ma mashin wuta, don ya san al'adar Nasiru: in an kira salla yakan ja ƙofar kes ya sa kwaɗo saboda amanar mutane, ya bar inji na aiki, ya tafi masallaci.

Tun daga nesa, kafin ya ida shiga Bauranya, ya hango hayaƙi. Ba irin na sharar gona ba ne. Baƙi ne, mai kauri, iska na kawo warin ƙonannar roba.

Ya iske mutane sun yi da'ira, wasu da bokiti, wasu na watsa ƙasa. An kashe inji an janye shi gefe, wutar ma an ci ƙarfinta. Kes ɗin na tsaye, amma cikinshi ya zama baƙin rami. Allon soket ya cinye tun daga tsakiya. Wayoyi sun narke sun manne da katako, wasu batirinsu ya kumbura ya fashe. Nasiru na zaune ƙasa jingine da katangar wani gida, hular sallarshi na kai, hannunshi na dama cikin kwanon ruwa. Shi ya fasa ƙofa ya cusa hannu cikin hayaƙi yana fizgo abin da ya iya. Ya tsira da 'yan kaɗan. Fatar yatsunshi ta tashi fari.

Ashiru ya jingine mashin, mashin ɗin bai tsaya daidai ba ya faɗi, ba wanda ya kula. Ya durƙusa gaban taubashinshi.

"Nasiru."

Nasiru ya ɗago ya dube shi. Idonshi jawur, na hayaƙi ne ko na wani abu, Allah masani.

"Ashe da gaske kake," ya ce.

Labari ya kai gonaki, masu wayoyi suka fara dawowa da fartanya a kafaɗa. Wasu suka yi salati suka ce ƙaddara ce, Allah ya tsare gaba. Wasu suka tsaya suna tona toka da tsinke. Malam Dawuda, mai awon hatsi, wanda duk lambobin abokan cinikinshi ke cikin wayar, ya ɗaga murya har ana riƙe shi. Sai ga wata tsohuwa, Iya Hadijatu, ta fito da sanda. Ɗanta na aikin gadi a kudu, ya saya mata 'yar ƙaramar waya don ya riƙa jin muryarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai tsaya tana tambayar kowa, "To yanzu in ya kira, ina za ta yi ƙara?"

Da la'asar aka taru ƙofar gidan mai unguwa. Ashiru ya miƙe ba a ba shi izini ba, ya fiddo guntun ƙarfen nan daga aljihu, ya ɗaga.

"Jama'a, laifina ne. Ni na saida mashi cajojin. Jabu ne, ƙarfe aka sa ciki don su yi nauyi. Shi bai sani ba, ni na rantse mashi. Ga ƙafafunsu ma in kun duba…"

"Yaro, zauna," in ji Malam Dawuda. "Mu ba mu san ka ba. Ba kai muka ba waya ba. Wanda muka ba amana ga shi nan, kuma an ce ka kira shi ka gaya mashi, ya yi dariya. Da bakinshi ya ba mutane labari."

Nasiru bai ɗago kai ba. Ashiru ya so ya yi bayanin taki, da gishiri a koko, da yadda suke tun suna yara, sai ya ga babu yadda za a faɗi wannan gaban mutanen da wayoyinsu suka zama gawayi. Ya zauna da ƙarfenshi a hannu.

Mai unguwa ya yi sulhu irin na manya. Waɗanda suka yafe aka gode masu, waɗanda ba su iya ba aka ce a san yadda za a yi da su. Ashiru ya kwashe abin da ke teburinshi mai daraja ya saida ya kawo, bai kai ko'ina ba. Nasiru ya saida janareta. Ko da bai saida ba, babu amfani, don kafin hannunshi ya warke wani ya buɗe sabuwar rumfa kusa da masallaci, mutane suka koma can ba tare da kowa ya ce komai ba. Har waɗanda suka yafe. Yafiya daban, sake miƙa waya daban.

Ashiru ya je gaida Gwaggo Kulu. Ta amsa, ta kawo mashi ruwa, ta tambayi mutanen Kafinsoli ɗaya bayan ɗaya. Da can in ya zo takan ce, "Ga mai cinye mani tuwo ya iso." Ran nan ba ta ce ba. Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Rauda kuwa daga bayan labule ta gaishe shi.

Ya dawo Kankiya ya koma shagon Baba Sada, ba kunya ba girman kai, ya ce a sake mashi karatun ƙafafu daga farko. Dattijon bai goranta mashi ba. Ya zaunar da shi ya bi da shi a hankali: ta sama ita ce mafi tsawo, ko dai ƙarfe ce gaba ɗaya ko roba gaba ɗaya, in ka ga an yi mata rabin safa to mai yin bai san aikinta ba, na ƙasa biyu tsawonsu ɗaya, da safarsu, kada su matso bakin jikin cajar inda yatsa zai taɓa, a girgiza, a soka a soket a ji kamu. Sannan a auna. Wannan karon Ashiru bai ce "ƙwarai, Baba" ko sau ɗaya ba. Sauran fararen cajojin ya farfasa su da dutse bayan tasha, mai gwangwan ya kwashe ƙarafunan. Baƙon mai shadda kuwa ba a sake ganin ko ƙurarshi ba.

Sai dai ilimin bai kawo kasuwa ba. Caja ta gaskiya tsada gare ta. Mutum ya zo, Ashiru ya juya mashi ƙafafu yana nuna safa, mutumin ya saurara da kyau, ya gode, ya taka zuwa teburin gaba ya sayi mai arha mai ƙyalli. Direbobi suka ce tun da Sikeli ya fara wa'azi ya daina daɗin zama.

Ana gab da faɗuwar ruwan farko, lokacin da masu cirani ke dawowa gida shuka, Nasiru ya sauka a tashar Kankiya da jakar buhu, shi zai fita. Wani ɗan garinsu ya samo mashi aikin lebura a wajen gini, can Abuja. Gonar an bar ma ƙanin Rauda ya noma. Ashiru ya hango shi yana ciniki da kwandasta, ya taso da sauri har ya ture bulon da ke tokare da tebur.

"Nasiru. Tahiya ba sallama?"

"Ga ni ai. Ya kasuwa?"

"Da godiya. Ya hannun?"

Nasiru ya buɗe tafin ya rufe. Yatsu biyu ba su ida lanƙwasawa. "Yana ɗaukar shebur, an gwada."

Suka tsaya. Kwandasta na ta kiran saura mutum biyu. Ashiru ya jira ko za a ce mashi mai wuyan zalɓe, ko a tambaye shi ina kwalbar aski. Shi ma ya nemi wata tsokana a bakinshi, ya rasa. Sai ya ruga tebur, ya ɗauko caja mafi kyau da yake da ita, wadda Baba Sada da kanshi ya duba, ya dawo ya miƙa da hannu biyu.

"Riƙe wannan. Ta gaskiya ce, wallahi. Dubi ƙafafun, ga safa, ba ta motsi. Ka riƙa kira muna jin lafiyarka."

Nasiru ya dubi cajar, bai karɓa ba.

"Aje abinka, Ashiru, ka saida. Ba ni da abin da zan jona mata. Wayata na ba Iya Hadijatu, ɗanta na kira ran Juma'a."

Ya saɓa jakarshi ya shiga mota, ya zauna can ciki inda ba taga. Kwandasta ya buga ƙofa, mota ta hau titi ta yi kudu. Ashiru ya daɗe tsaye da caja a hannu, har mai facin taya ya ƙwala mashi kira ya ce teburinshi ya karkace, kaya na zubewa ƙasa.